Darasi na Shida: Mai Haɗa Sola a Shagon Alhaji

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, masu shaguna da yawa ribarsu a bakin janareta take ƙarewa. A wannan darasi za mu karanta hirar wani mai haɗa sola da wani mai shagon kayan masarufi a Kano. A karanta a hankali, a riƙe biro da takarda, domin akwai lissafi.

"Salamu alaikum. Alhaji, barka da kasuwa."

"Wa alaikumus salam. Barka kadai, samari. Me za a ba ka?"

"Ba sayayya na zo ba, ranka ya daɗe. Ni mai haɗa sola ne, shagona yana nan bayan tasha. Kullum in na wuce sai in ji janaretanka yana ta ruri, shi ne na ce bari in tsaya mu gaisa."

"Ai dole ya yi ruri, Malam. Wuta in an kawo da asuba, kafin hantsi an ɗauke. Ga firiza cike da lemo da ruwan leda. Wa zai sayi lemo mai ɗumi a watan Afrilu?"

"Lita nawa kake sha a rana?"

"Huɗu. Ban da baƙin mai da kuɗin mai gyara."

Mai sola ya ce a ɗauka lita Naira 1,000 ce, don lissafi ya yi sauƙi. Lita 4 a rana Naira 4,000 ke nan. A kwana 30, Naira 120,000. Alhaji ya yi shiru. Kullum yana biya, amma bai taɓa haɗa na wata guda wuri ɗaya ba.

"To, nawa ne solar taka?"

"Alhaji, duk wanda ya yanka maka farashi bai duba kayan shagonka ba, kada ka yarda da shi. Sai mun san wutar da kake ci tukuna."

Yadda ake auna cin wuta

A jikin kowane kayan lantarki akwai 'yar takarda ko rubutu. A nemi lambar da harafin W yake biye da ita. Wannan shi ne wat, wato ƙarfin wutar da abin yake ja. Sai a ninka wat ɗin da awannin da abin yake aiki a rana, abin da ya fito shi ne wutar da yake ci a rana, ana kiransa wat-awa. Ga abin da suka samu a shagon Alhaji:

Ƙwan fitila 4, kowane wat 10, awa 5: 200
Fanka ɗaya, wat 60, awa 10: 600
Cajin waya da na'urar cirar kuɗi, wat 20, awa 10: 200
Firiza, wat 150, awa 12: 1,800

Jimla 2,800.

"Tsaya, Malam. Firizata dare da rana a kunne nake son ta. Ya ka rubuta awa 12?"

"Ka saurare ta, Alhaji. Injinta yakan yi aiki, ya huta, ya sake tashi. In robar murfin ba ta mutu ba, kusan rabin lokaci hutawa yake yi. Amma in yara suna buɗe ta kowane minti, ko an manna ta da bango inda iska ba ta ratsawa, ba zai huta ba, lissafinmu kuma ya rushe."

A lura: firiza ita kaɗai ta cinye fiye da rabin jimlar. A yawancin shaguna haka abin yake. Fitila da caji ba su ne matsala ba.

Ana kuma asarar wuta a cikin wayar wuta da batir da infata, wato na'urar da take juya wutar batir, don haka mai sola ya ƙara kashi ɗaya cikin huɗu. Kashi ɗaya cikin huɗu na 2,800 shi ne 700. Abin da ake bukata a rana ya zama 3,500.

Faranti, batir da infata

"Rana tana fitowa tun safe har magariba," in ji mai sola, "amma a lissafinmu awa 5 muke ɗauka a nan Arewa, domin hasken safe da na yamma ba shi da ƙarfi. Farantin sola mai wat 550, a takarda zai ba da 2,750. Zafi da ƙura sukan rage shi, ni 2,000 nake sa rai. Faranti biyu, 4,000. Sun ishe ka."

"Da dare fa?"

"Nan ne aikin batir, kuma nan ne aka fi cutar mutane."

Ya nuna wa Alhaji yadda ake karanta jikin batir. In an ga 12V da 200Ah, a ninka su: wat-awa 2,400, wato wutar da batirin yake iya riƙewa. Amma batir mai ruwa ba a shanye shi ƙarƙaf. Rabi ake sha, wato 1,200, a bar masa rabi. Wanda yake tatse shi kullum har infata ta mutu, batirin da ya kamata ya yi shekaru sai ya gaji da wuri. Da dare shagon Alhaji yana bukatar kimanin 1,300: fitila, fanka na ɗan lokaci, da firiza. Batir ɗaya ya yi kaɗan, biyu ne daidai. Akwai batirin litiyam, wanda ake iya sha kusan kashi 80 cikin 100, ya kuma fi daɗewa, sai dai kuɗinsa na farko ya fi nauyi.

Infata ita ce take mayar da wutar batir irin wadda kayan shago suke amfani da ita. Injin firiza lokacin tashi yakan fizgi wuta ninki uku ko fiye na abin da aka rubuta a jikinsa. Ƙaramar infata sai ta yi ƙara ta ɗauke. Shi ya sa ya zaɓa wa Alhaji mai 1.5kVA, da kVA ake auna ƙarfin infata.

"In na sa, sai in sayar da janareta?"

"A'a, ajiye shi. A Agusta akan yi kwana biyu ko uku hadari ya rufe rana. Kuma dutsen guga da hita da butar lantarki, kada a kusantar da su. Dutsen guga ɗaya yakan ja wat 1,000."

"Kulawa fa?"

"Faranti ya fuskanci kudu, inda inuwar bishiya ko tankin ruwa ba ta taɓa shi. Lokacin hazo a wanke shi da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe kafin ya yi zafi. Batir mai ruwa a riƙa duba shi duk wata, a ƙara masa ruwan batir, ba na famfo ba. In ka ji infata ta fara kuka kafin asuba alhali da ba ta yi, fara duba ƙura a faranti, sannan ka tambayi yaran shago ko sun jona wani sabon abu. In ba ko ɗaya, batir ne ya fara gajiya."

"To, rubuto min farashi a takarda, kowane kaya da kuɗinsa, da garantinsa."

"Gobe bayan azahar, in sha Allahu. In na kawo, ka raba jimlar da 120,000 ɗin nan, za ka ga wata nawa kuɗin mai zai biya ta."

Aikin yi

1. Mai shago yana shan lita 3 a rana, lita Naira 1,000. Nawa yake kashewa a kwana 30?
2. Fanka biyu, kowace wat 60, awa 8. Nawa suka ci?
3. Batir mai ruwa an rubuta masa 12V da 100Ah. Nawa za a iya sha daga cikinsa?
4. A duba kaya uku a gida ko a shago, a rubuto wat ɗin kowanne, a zo da shi aji.