Rufe Littafi a Ƙarshen Shekara

Ɗauki mai shagon da ya yi cinikin naira 5,000,000, ya kashe 3,800,000, ya kuma ɗebi 400,000 don cefanen gida.

Da farko buɗe asusun taƙaitawa, wato asusun wucin gadi da ake haɗa ciniki da kashe kuɗi a cikinsa don a fitar da riba. Kowane asusu yana da ɓangare biyu, hagu da dama. Rubuta 5,000,000 a hagun asusun ciniki, da daman asusun taƙaitawa. Sai ka rubuta 3,800,000 a daman asusun kashe kuɗi, da hagun taƙaitawa. Ragowar 1,200,000 ita ce riba: sa ta hagun taƙaitawa, daman asusun jari. A kamfani, asusun ribar da aka ajiye take tafiya.

Kuɗin cefanen nan fa ba kashe kuɗin shago ba ne, a nan mutane ke tuntuɓe. Cire su kai tsaye daga jari, ƙarin jarin ya zama 800,000.

Duba asusun ciniki da na kashe kuɗi. In ba sifili ba, ka tsallake wani mataki.