Kurakuran da aka fi yi wajen mayar da CV mai gida biyu zuwa tsarin da manhajar ɗaukar ma'aikata za ta iya karantawa

Kamfanoni da ƙungiyoyi da dama suna karɓar takardun masu neman aiki ne ta manhajoji irin su Workday da Taleo da Greenhouse, waɗanda ake kira ATS a taƙaice. Da zarar an ɗora CV, manhajar takan zare rubutun da ke cikin fayil ɗin, ta rarraba shi zuwa gurabe: suna, lambar waya, wuraren aiki, makarantu da ƙwarewa. Ba kasafai take korar mutum da kanta saboda tsarin takarda ba, kamar yadda ake yawan tsoratar da mutane. Ɓarnar da ta fi faruwa ita ce guraben su cika da bayanin da ya gauraye, ta yadda idan jami'in ɗaukar ma'aikata ya nemi masu wata ƙwarewa, sunan mai takardar ba zai fito ba, ko da ya fi kowa cancanta.

Na ga wannan da idona a takardar wata ƙanwata mai neman aikin akanta. Samfurin da ta sauke ya raba shafin gida biyu: siririn gida mai launi a hagu, inda aka jera hotonta da ƙwarewarta, da faffaɗan gida a dama mai ɗauke da tarihin aikinta. A ido takardar ta yi kyau ƙwarai. Amma da muka buɗe fayil ɗin, muka danna Ctrl+A da Ctrl+C, sannan muka liƙa a Notepad, ga abin da ya fito:

```
SKILLS WORK EXPERIENCE
Excel Accounts Officer
Payroll 03/2019 - 06/2022
```

An bi layin daga hagu zuwa dama an tsallake iyakar gidajen biyu, sai muƙaminta ya haɗe da sunan manhajar lissafi, kwanan watan aikinta kuma ya manne wa wata ƙwarewa. Wasu manhajojin sukan iya bambance gidajen, amma mai neman aiki ba ya ganin wadda kamfanin yake amfani da ita ta ciki, don haka wannan gwajin na Notepad shi ne ma'aunin da ke hannunsa. Rashin yin sa, kafin gyara da bayan gyara, shi ne kuskure na farko.

Kuskure na biyu, wanda ya fi cin lokacin mutane, shi ne ƙoƙarin yi wa tsohon samfurin kwaskwarima. Mutum zai goge launin gefen hagu, ya cire hoto, ya ɓoye layukan da suka raba gidajen, sai ya ɗauka takardar ta koma gida ɗaya, alhali ginin da ke ƙarƙashi yana nan yadda yake. Galibin irin waɗannan samfura an gina su ne da tebur wanda aka ɓoye layukansa, ko kuma da akwatunan rubutu da aka ɗora a kan shafi. Ana gane tebur idan aka danna cikin rubutun a Word sai wata ƙaramar alama mai kibiyoyi huɗu ta bayyana a kusurwar sama ta hagu, akwati kuwa yakan nuna kewayensa da ƙananan ɗigogi a gefe. Akwatin ya fi haɗari, domin wasu manhajojin sukan tsallake abin da ke cikinsa gaba ɗaya. Akwai umarnin Convert to Text mai warware tebur, amma yakan bar tarkacen tsari a baya, shi ya sa na fi son a buɗe sabon fayil fari fes, a kwafo sashe bayan sashe, a liƙa kowanne da zaɓin Keep Text Only. Haka muka yi wa takardar ƙanwata, kuma bai kai mu awa ɗaya ba.

A sabon fayil ɗin ma akwai tarko. Saboda neman sarari, mutane sukan saka suna da lambar waya da adireshin imel a can saman shafi, cikin sashen da Word yake kira Header. Wannan sashen a ajiye yake daban da jikin takarda, kuma akwai manhajojin da ba sa leƙa shi, sai takarda ta isa ba tare da hanyar tuntuɓar mai ita ba. A rubuta waɗannan bayanai a layukan farko na jikin takardar. Ƙananan zanen waya da ambulan da ake sakawa a gaban lamba da imel su ma a cire su, domin ko dai su ɓace ko su rikiɗe zuwa baƙon harafi manne da lambar.

Haka nan sandunan da ake shafa wa launi, ko taurari huɗu cikin biyar, don nuna yawan ƙwarewa. Zane ne kawai, manhaja ba ta samun komai daga gare su, kuma ko mutum ne yake dubawa, ba su gaya masa abin da mai takardar ya iya yi ba. A takardar ƙanwata mun maye gurbin sandar Excel da jimla guda mai faɗin cewa da shi take shirya albashin ma'aikata kowane wata.

Kan sassa yana bukatar sunayen da aka saba da su. Idan takardar ta Turanci ce, a tsaya kan Work Experience da Education da Skills, domin da irin waɗannan kalmomi ne manhajar take gane inda wani sashe ya ƙare wani ya fara. Kowane aiki ya bi jeri ɗaya: muƙami, wurin aiki, gari, sannan wata da shekara, a fara da na baya-bayan nan. Kwanan wata ya zama salo ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma hidimar ƙasa ta NYSC a rubuta ta da kwanan watanta kamar kowane aiki. Kada a tura kwanan wata zuwa gefen dama da tarin tazara, domin da zarar salon haruffa ya canza sai layin ya karye.

Da aka warware gida biyu zuwa ɗaya, takardar takan ƙara tsawo, kuma a nan ne wasu suke matse haruffa har sai sun gagari ido. Calibri ko Arial mai girman 10 zuwa 12 ya wadatar, kuma shafi biyu ba laifi ba ne ga mai shekaru a bakin aiki. Idan tsawon ya yi yawa, bayanin ne ya kamata a rage. Mu mun cire makarantar firamare da jerin abubuwan sha'awa, takardar ta tsaya a shafi ɗaya da rabi.

Ga mu masu sunaye da haruffa masu ƙugiya akwai ƙarin lura. Idan suna ko gari yana da ƙ ko ɗ ko ɓ, a duba shi a gwajin Notepad da kuma cikin guraben fom, domin wani lokaci harafin yakan koma alamar tambaya ko ɗan akwati. Mafi aminci shi ne a rubuta suna daidai yadda yake a takardun shaidar karatu da katin ɗan ƙasa.

Saura nau'in fayil. Wanda ya buga takardarsa a shagon kwamfuta, sannan ya ɗauki hotonta da waya ya mayar da shi PDF, hoto ya aika, kuma a mafi yawan lokuta babu harafi ko ɗaya da za a iya zarewa daga ciki. Ana gane haka idan aka danna Ctrl+F aka nemi sunan mai takardar bai fito ba. A bi abin da sanarwar aikin ta nema. Idan ba ta fayyace ba, .docx ko PDF ɗin da aka fitar kai tsaye daga Word ta hanyar Save As duk suna karɓuwa. Bayan an ɗora, fom ɗin yakan cika gurabensa da kansa daga abin da ya zaro, kuma a karanta su ɗaya bayan ɗaya kafin a danna Submit. A sabuwar takardar ƙanwata gurbi ɗaya kawai ya fito ba daidai ba, inda sunan gari ya shiga wurin sunan kamfani, muka gyara shi da hannu.