Yadda ake auna zafin cikin kaza, niƙaƙƙen nama da kifi

Mai gasa kaza a kan gawayi ya san cewa fata tana iya yin ja har ta fara ƙonewa alhali naman da ke jikin ƙashi bai nuna ba. Launi ba ya faɗar gaskiya, shi ya sa ake amfani da ma'aunin zafi mai tsinken ƙarfe, wanda ake sokawa cikin nama.

Kaza da zabo suna buƙatar digiri 74 na Salsiyus a can ciki, domin a nan ne ƙwayoyin cuta irin su Salmonela suke mutuwa nan take. Niƙaƙƙen naman sa ko na rago, irin wanda ake yin bulet da shi, yana buƙatar 71, saboda injin niƙa yana cusa ƙwayoyin da ke bayan tsoka zuwa tsakiyarta. Idan niƙaƙƙen na kaza ne, sai ya kai 74. Kifi kuwa, ko karfasa ce daga tafkin Madarunfa ko tarwaɗa, 63 ya ishe shi.

Da farko a gwada ma'aunin kansa. A cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara, a zuba ruwa kaɗan, a tsoma tsinken ba tare da ya taɓa gindin kofin ba. Ya kamata ya nuna 0. A kuma duba cewa alamar da ke fuskarsa °C ce, wato Salsiyus, domin idan °F ce, wato ma'aunin Farenhait, adadin kaza yana zama 165, kuma wanda ya sauke ta a 74 ya sauke ɗanya.

Sannan a janye kazar daga kan wuta, a soka tsinken a inda cinya ta fi kauri, a jira har adadin ya daina hawa. Kada bakin tsinken ya taɓa ƙashi ko ya ɓulla cikin ramin cikin kazar, don abin da zai nuna a can ba zafin tsoka ba ne. A maimaita a ƙirji. A ce ƙirji ya nuna 76, cinya kuma 66: ƙaramin adadin shi ne abin bi, don haka a mayar da ita gefen garwashi inda wuta ba ta da ƙarfi, cinyar tana fuskantar zafi, a sake aunawa bayan kamar minti goma. Kafin nan a wanke tsinken da sabulu da ruwan zafi, tunda ya shiga naman da bai nuna ba.

Bulet da yankan kifi ba su da kauri, saboda haka daga gefe ake soka su har bakin tsinken ya kai tsakiya. A cikin tukunya ɗaya, a zaɓi mafi girma a auna shi.