Yadda ake tsara jerin takardun da odita ke nema kafin ya shiga kamfani

Kusan duk sabon odita da na gani ya shirya wannan jeri a karon farko, hanya ɗaya ya bi: ya buɗe jerin bara, ya sauya shekarar, ya rubuta rana ɗaya a saman takardar cewa a kawo komai kafin ranar fara aiki, sannan ya tura wa shugaban sashen kuɗi. Ranar da tawaga ta isa kamfanin sai a tarar rabin takardun ba su zo ba, waɗanda suka zo kuma ba su ne ake nufi ba, mutum huɗu su shafe mako guda suna zaune a ɗakin taro suna jiran akanta. Abin da ke hana haka shi ne kowane layi na jerin ya ƙunshi takarda guda da aka fayyace ta, da mutum guda da zai kawo ta, da ranar da aka lissafo daga aikin da za a yi da ita.

Zan yi amfani da misalin kamfanin da shekarar lissafinsa ta ƙare ranar 31 ga Disamba 2024, aka kuma amince tawagar bincike za ta shiga ofishinsa ranar Litinin 3 ga Maris 2025.

Da farko a tace jerin bara

Ba laifi ba ne a fara daga jerin bara, laifin shi ne a tura shi yadda yake. A ɗora shi kusa da tsarin binciken bana, a tambayi kowane layi wane gwaji zai yi wa amfani; layin da ba a iya amsa masa ba a goge shi. Idan kamfanin ya rufe wani asusun banki, ko ya karɓi sabon rance, ko ya buɗe sabon sito, dole jerin ya nuna hakan, domin babu abin da ke zubar da kimar odita a idon akanta kamar a nemi bayanin asusun da aka rufe shekara biyu da suka wuce. Ni dai ina ganin layi 60 da aka tace sun fi layi 200 da aka kwafo, kuma kowace takarda da aka nema ba tare da buƙata ba lokacin ma'aikaci ce, wanda a ƙarshe kamfanin ne zai biya kuɗinsa.

A rubuta kowane layi yadda ba zai ɗauki ma'ana biyu ba

Layin da ya ce “bayanin basussuka” bai nemi komai ba. Abin da ya kamata a rubuta shi ne: jerin waɗanda kamfani ke bin bashi kamar yadda yake a ranar 31 ga Disamba 2024, kowane wanda ake bi a layinsa, an rarraba bashin gwargwadon daɗewarsa, wato kwana 30 da 60 da 90 da abin da ya haura, a fayil ɗin Excel da aka ciro kai tsaye daga manhajar lissafi, kuma jimlarsa ta yi daidai da abin da ke babban littafin asusu. A ba layin lamba, misali C02, a kuma buƙaci sunan fayil ɗin ya fara da wannan lambar.

Sharaɗin nan na daidaituwar jimla shi ne wanda masu koyo suka fi mantawa, kuma na taɓa ganin abin da rashinsa ya jawo. An kawo jerin basussuka mai jimlar 48,600,000, littafin asusu kuwa yana nuna 51,250,000. Ƙaramin odita ya zaɓi samfur daga jerin, ya shirya wasiƙun tabbatarwa da za a aika wa waɗanda ake bi su tabbatar da adadin bashinsu, sai bayan kwana uku aka lura da giɓin 2,650,000. Da aka bi diddigi sai aka ga akanta ya ciro rahoton ne da ranar da ya buga shi a watan Fabrairu, bayan wasu sun biya bashinsu wasu kuma sun ƙara. Duk aikin kwana ukun nan aka zubar da shi. Da layin ya ambaci ranar ya kuma buƙaci daidaituwar jimla, da akantan da kansa ya gano kuskuren kafin ya tura. Haka nan a guji karɓar hoton takarda ko PDF a inda ake son tara lambobi, domin ba za a iya tacewa ko sake lissafawa ba sai da wahala.

Wa'adi, inda aka fi faɗuwa

Takardun bincike ba su da matsayi ɗaya, wasu ne ke haifar da buƙatar wasu. Ba za a iya neman bauca 40 na sayayya ba sai an zaɓe su, ba za a iya zaɓensu ba sai babban littafin asusu ya zo, shi kuma ba shi da amfani sai an rufe lissafin shekara. Wanda ya sa wa komai ranar 3 ga Maris ya yarda ke nan cewa sai a ranar zai fara zaɓen samfur, kuma kamfanin zai buƙaci wani makon kafin ya tono fayilolin daga ma'ajiya. Don haka ake lissafin wa'adi daga ranar shiga a komo baya.

A misalinmu jerin zai fita ranar 20 ga Janairu, mako shida kafin shiga. Abu na farko da za a nema, zuwa 27 ga Janairu, shi ne jerin dukkan asusun banki, har da waɗanda aka rufe cikin shekarar da waɗanda babu ko sisi a ciki, tare da wasiƙun da ke ba banki izinin tabbatar wa odita bayanin asusun, waɗanda masu sa hannu a asusun suka rattaba wa hannu. Dalilin gaggawar shi ne banki ba ya aiki da jadawalin odita, amsarsa na iya ɗaukar makonni. A lura kuma cewa abin da ake nema daga kamfani izini ne kawai. Ƙa'idar bincike ta duniya mai lamba ISA 505 ta ɗora wa odita kula da wasiƙun tabbatarwa, shi zai aika su kuma gare shi amsa za ta dawo kai tsaye, saboda haka layin da ya ce wa akanta ya karɓo tabbaci daga banki ya kawo ya lalata hujjar tun kafin a same ta.

Rukuni na biyu, zuwa 10 ga Fabrairu, shi ne jadawalin ragowar asusu, wanda manhajojin lissafi ke kira Trial Balance, da cikakken babban littafin asusu, da jerin shigarwar da aka yi da hannu, da jerin basussukan da kamfani ke bi da waɗanda ake bin sa, da rajistar kadarori. Tawaga za ta yi mako guda a kansu daga ofishinta, ta zaɓi samfur, ta tura jerin baucoci da rasitai da kwangilolin da take so ranar 17 ga Fabrairu. Zuwa 24 ga Fabrairu a karɓi takardun daidaita lissafin banki, da jadawalin albashi, da lissafin haraji, da rubutaccen bayanin tarukan hukumar daraktoci. Takardun samfur kuwa su kasance a kan tebur safiyar 3 ga Maris.

Akwai tarko ɗaya a rukuni na biyu da ya kamata a toshe shi a rubuce. Sau da yawa akanta kan tura jadawalin ragowar asusu don ya cika wa'adi, sannan ya ci gaba da shigar da gyare-gyare, ya sake turo wani bayan kwana huɗu ba tare da ya faɗi abin da ya sauya ba. Alamar hakan ita ce lambobin da ke takardun aiki su daina daidaita da na sabon fayil, kowa yana zargin kansa da kuskuren tarawa. Maganinsa shi ne layin ya ce wanda za a kawo shi ne na bayan rufe lissafi, da sa hannun shugaban sashen kuɗi, kuma duk gyaran da ya biyo baya a kawo shi a jeri dabam tare da dalilinsa. Idan kamfanin ya ce ba zai iya rufe lissafi zuwa 10 ga Fabrairu ba, gara a ɗage ranar shiga tun yanzu da a tura mutane su je su zauna.

Ƙidayar kayan sito ba ta cikin wannan jadawalin, domin ana yin ta ne a ƙarshen shekara ko kusa da shi. Umarnin ƙidayar da ranarta tun kafin Disamba ya kamata a neme su. Abin da zai shiga jerin Janairu shi ne takardun ƙidayar da aka kammala da lissafin ƙimar kayan.

Mutum guda ga kowane layi

Gurbin jami'in da ke da alhaki ba wurin rubuta “sashen kuɗi” ba ne, domin abin da aka ɗora wa sashe kowa zai ɗauka na kusa da shi ne zai yi. A rubuta suna da muƙami. Odita ba shi ke raba wa ma'aikatan kamfani aiki ba, don haka ana tura jerin da gurbin a buɗe, ko da shawarar muƙami, shugaban sashen kuɗi ya cike sunayen, a tabbatar da su a ɗan gajeren zama cikin makon farko. A wannan zaman ne ake gano cewa takardu da yawa ba a sashen kuɗi suke ba: bayanin tarukan daraktoci yana hannun sakataren kamfani, jerin shari'o'i yana wurin lauya, fayilolin ma'aikata suna sashen kula da ma'aikata, takardun ƙidaya kuma suna wurin mai kula da sito. Waɗannan mutanen galibi ba su ma san ana bincike ba sai an gaya musu. A tambayi wanda zai tafi hutu a lokacin, a rubuta mai maye masa. Idan kuma aka ga sunan akanta ɗaya a layi 35 cikin 60, wannan wa'adin ba zai cika ba komai kyawun niyyarsa, sai a sake rabawa ko a tsawaita. A gefen tawagar bincike ma kowane layi ya sami wanda zai karɓa ya duba.

Bibiya

Jeri ɗaya tak ake riƙewa, a sabunta shi sau ɗaya a mako, sannan kullum idan an shiga aiki. A bambanta “an karɓa” da “an duba an amince”, kuma wanda ya karɓi fayil ya buɗe shi cikin kwana biyu ya duba rana da jimla. Sabuwar buƙata ta shiga jerin da lambarta, kada a yi ta da baki a bakin ƙofa. Abin da ya wuce wa'adi da kwana uku a kai shi gaban shugaban sashen kuɗi a rubuce, idan ya ci gaba kuma shugaban tawagar bincike ya sanar da kwamitin bincike na kamfanin, tare da ranar da aka nema da ranar da aka yi alkawari, domin waɗannan ranakun ne za a dogara da su idan aka zo maganar ƙarin kuɗin aiki ko ɗage ranar sa hannu a rahoto.