"In Babu Damuwa" Ya Sa Na Jira Kuɗina Wata Biyu

Wata biyu ina bin wani kamfani kuɗin aiki, imel uku babu amsa. Da na sake karanta su sai na ga laifina ne. Da Hausa nake tunani, sannan in juya zuwa Turanci kalma bayan kalma: doguwar gaisuwa, "don Allah a yi haƙuri da damuwa", sai "in babu damuwa, ko za a duba maganar nan". A wajenmu wannan cikakkiyar tunatarwa ce, mai ji ya san kuɗi ake nufi. A Turanci kuwa ta fito kamar ba na gaggawa, har kamar ni ne mai laifi.

Ga gyaran da na yi. Gaisuwa layi ɗaya. Na cire ban haƙuri gaba ɗaya, tunda ban yi laifi ba. "Maganar nan" na kira ta da sunanta: lambar takardar biya, adadin kuɗin, da ranar da nake so a biya. "A duba" kuma, da ba ta nuna kowa, na mayar da ita tambaya kai tsaye ga mutumin. Ladabin sai na bar shi a kalmar roƙo guda da godiya a ƙarshe.

Da zan tura, sai da na ji kamar na yi rashin kunya. Washegari aka amsa, har da ranar biya.