Watakala, guwash, lino da imfasto: kurakuran da aka fi yi wajen kwatanta zane

Mai son a zana masa bangon littafi ko hoton da zai rataya a falo yakan je wurin mai zane a Samaru ya ce, "Malam, irin na fentin ruwa nake so, amma mai kauri." A nan ake fara samun saɓani. A shagunan fenti na Sabon Gari, fentin ruwa shi ne wanda ake shafa wa bangon ɗaki, fentin mai kuma na ƙofa da taga. A wurin masu zane, fentin da ake damawa da ruwa ya kasu, kuma biyun da aka fi haɗawa su ne watakala da guwash. Duka biyun da ƙaro ake haɗa garin launinsu, duka biyun a takarda ake yin su, amma kamanninsu sun yi hannun riga.

Hanyar da ta fi sauƙi ta rarrabe su ita ce a tambaya: daga ina farin zanen ya fito? Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Ana son hoton dutsen Kufena da la'asar, ga wani dattijo kan keke sanye da farar riga.

A watakala babu wanda zai shafa wa rigar nan farin fenti. Farin takardar ne ake bari, a zagaye shi da launi. Fentin garai-garai yake, haske na ratsa shi ya bugi takarda ya dawo, shi ya sa ake farawa da launi mai haske a bi da mai duhu. Idan aka rufe wurin rigar bisa kuskure, da wuya farin ya dawo yadda yake. Wanda ke kwatanta watakala sai ya ambaci wannan: ana hango takarda ta ƙarƙashin launi, sararin sama ya narke cikin dutse ba tare da iyaka ba, inda ruwa ya tsaya ya bushe kuma akwai siririn layi mai ɗan duhu a bakinsa. Akwai wani tabo mai kama da fure da ke fitowa idan ruwa ya koma cikin wurin da ya fara bushewa. Mutane kan ɗauka lalacewa ce, alhali yana cikin manyan shaidun watakala, kuma a hunturun Zariya ya fi yawa domin takarda na shan iska kafin buroshi ya dawo. Takardar ma tana da ruwa a ciki: mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita ce ke ɗaukar jiƙa, ta injin kwafi mai giram 80 tattarewa take yi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ga zane mai launi shimfiɗe sumul, babu sheƙi, a kira shi watakala don kawai a takarda yake. Wannan guwash ne. Garin launinsa ya fi yawa, sau da yawa ana ƙara masa wani farin gari mai kama da alli, don haka yana rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Mai guwash zai iya shafe dutsen gaba ɗaya da launin ƙasa, ya jira ya bushe, sannan ya ɗora farar rigar a kai. Idan ka ga haske zaune a kan duhu, kamar alli a kan allon makaranta, to kada ka ce watakala. Fosta kala da ɗalibai ke saye ɗan'uwansa ne mai araha.

Kalmar "kauri" ce ke jawo rigima a nan. Mai ba da aiki yana nufin launi ya rufe, mai zane kuma ya ji a tara fenti ya yi tudu. Guwash ba ya jure tudu, tsagewa yake yi ya ɓamɓare. Gara a ce "launi mai rufewa, shimfiɗe, marar sheƙi". A kuma sani cewa launinsa na sauyawa idan ya bushe: mai haske yakan ɗan yi duhu, mai duhu yakan ɗan yi haske. Saboda haka kada a zaɓi launi fenti na jiƙe, a nemi a ga gwaji busasshe.

Tudun gaske sai imfasto. Shi kuma kuskuren da ake yi game da shi, ɗaukarsa ake yi wani nau'in fenti. Yanayin shafawa ne: a ɗebo fentin mai da wuƙar fenti ko buroshi mai tauri a ɗora da kauri har sawun hannu ya zauna. Ba duk zanen fentin mai ne imfasto ba, akwai wanda aka lailaye shi sumul, kuma ana yin imfasto da akirilik ma, wato fentin roba mai saurin bushewa. Rigar dattijon a nan curin farin fenti ce da ta tashi daga jikin ƙyallen da aka yi zanen a kai. Haska tocila daga gefe, za ka ga kowane tudu ya yi inuwarsa, kamar adon bango na tsofaffin gidajen cikin birni idan rana ta karkata. Hoton waya da aka ɗauka gaba da gaba yana kashe wannan inuwa, don haka a ɗauka daga gefe. Wanda ya ce imfaston fentin mai yake so kuma a kawo masa mako mai zuwa bai san abin da ya nema ba. Fentin mai ba ƙafewa yake yi kamar ruwa ba, iska ce ke taurara shi a hankali. Sama kan yi fata ciki na ɗanye, wuri mai kauri yana ɗaukar watanni, banish ma akan jira wata 6 zuwa 12 kafin a shafa. Ƙurar hunturu da ta hau shi yana ɗanye ta zauna ke nan.

Lino ba fenti ba ne sam, bugawa ake yi kamar hatimi, kuma ya kamata ɗan Zariya ya riƙe wannan, tun da Bruce Onobrakpeya, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar masu zane ta Zariya da aka kafa a 1958, da aikin bugawa ya yi suna. Ana sassaƙe faifan lino, wato wani abu mai laushi irin na shimfiɗar ƙasan ɗaki, da ƙananan kurfi, a mirgina tawada a kan abin da ya rage, a danna takarda, ko da bayan cokali ne. Farar rigar ita ce inda aka ƙwaƙule. Ba a cewa "shafin buroshi" a lino. Abin da ake kwatantawa shi ne yanka: baki mai kaifi, layi mai ƙarewa da tsini, da 'yan ɗigo-ɗigon tawada a filin da ba a share shi duka ba. Idan ana son inuwa a jikin Kufena, da jerin layuka ake yin ta, domin tawadar ba ta narkewa daga duhu zuwa haske kamar watakala.

Mai neman lino ya faɗi adadin launi tun farko, domin kowane launi bugu ne daban, ko da sabon faifai ko a ƙara sassaƙe na farko. Hoto yana fitowa a juye kamar a madubi, don haka idan akwai rubutu, na boko ko na ajami, a juye ake sassaƙa shi. Lambar fensir da ke ƙasan takarda, kamar 3/20, tana nufin bugu na 3 cikin 20 da aka ciro daga faifan. Wanda ya kira shi "kwafi" yana nufin na inji ya yi kuskure, kowanne da hannu aka buga shi, kuma idan ka jera biyu za ka ga kwanciyar tawadarsu ta ɗan bambanta.