Yadda na tsinci fayiloli a FOUND.000

Faifan waje na ya ƙi buɗuwa bayan an ɗauke wuta ina cikin kwafi, sai na buga masa `chkdsk E: /f`, umarnin Windows na gyaran faifai, ya buɗu amma foldar hotunan aiki ta ɓace ɓat. CHKDSK ya tattara guntayen a wata ɓoyayyiyar folda FOUND.000 da sunaye irin FILE0000.CHK, ba za ka ganta ba sai ka cire alamar "Hide protected operating system files".

Na fara kwafe su duka zuwa wani faifan, kar a taɓa na asali. Sannan na jera su bisa girma, masu 32 KB daidai su ne suka fi yawa, guntu ɗaya ne kawai na faifan, da wuya ya zama cikakken hoto. Manyan na buɗe da HxD, manhajar duba lambobin cikin fayil, ina duba farkonsu: FF D8 FF hoton JPG ne, %PDF takardar PDF, PK kuma zip ko docx. Ka canza .CHK zuwa abin da ya dace shi kenan. Wasu hotunan rabinsu toka-toka ne, na dai ajiye tunda fuskokin sun fito, masu sifili zalla kuwa na goge.